Shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci a nahawun Hausa

Shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci su ne biyu daga cikin lokutan Hausa da aka fi amfani da su a maganar yau da kullum. Na farko shi ne wanda ake ji a cikin "sun zo" da "mun gama", na biyu kuma a cikin "suna zuwa" da "muna gamawa". Littattafan makaranta suna kiran su lokuta, amma ainihin aikinsu ba faɗin lokacin da abu ya faru ba ne. Abin da suke nunawa shi ne yadda mai magana yake kallon aikin: ko ya kammala, ko kuwa ana cikinsa. Wannan bambanci shi ne wurin da baligi mai koyon Hausa ya fi yin tuntuɓe, musamman wanda ya saba da nahawun Ingilishi ko na Faransanci a makaranta.

A birni irin Kaduna, inda Hausa take harshen kasuwa da tasha tsakanin ƙabilu da yawa, akwai manya da dama da suka fara koyon ta bayan sun girma: ma'aikacin da aka turo aiki, ɗan hidimar ƙasa, ko matar da aure ya kawo. A unguwannin arewacin Kogin Kaduna, irin su Unguwar Dosa da Kawo da Malali da Badarawa, irin wannan mutum yakan tsinci kalmomi cikin sauri, amma ya daɗe yana cewa "ina sani" a maimakon "na sani", ko "yaushe sun zo?" a maimakon "yaushe suka zo?". Misalan wannan maƙala an gina su ne a kan irin maganar da ake ji a waɗannan unguwanni, bisa daidaitacciyar Hausa.

Inda alamar take

A Hausa ba jikin aikatau ne yake ɗauke da alamar lokaci ba. Alamar tana kan 'yar kalmar da take zuwa kafin aikatau, wadda masana suke kira zagin aikatau. Kalmar tana da sassa biyu: lamirin suna, wanda yake nuna mai yin aikin, da lamirin lokaci. A cikin "suna", "su" ne lamirin suna, "na" kuma lamirin lokaci. A cikin "suka" da "suke" ma haka ne, "ka" da "ke" ne lamiran lokaci. A shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya kuwa sassan biyu sun narke cikin juna, ba a iya raba su da kyau.

Shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an.

Lokaci mai ci na ɗaya: ina, kana, kina, yana, tana, muna, kuna, suna, ana.

Dukkan kalmomin jerin farko suna da karin sauti na sama, kuma "na", "ka", "ya" da "ta" dogon wasali gare su, wato ana furta su naa, kaa, yaa, taa. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, abin da yake jawo rikicin da za a yi bayani a ƙasa. A jeri na biyu "na" ɗin ƙarshe doguwa ce mai karin sauti na ƙasa. Idan an ambaci sunan mai aikin, ana iya yar da lamirin suna a lokaci mai ci, a ce "tela na ɗinki" a maimakon "tela yana ɗinki". Ba a yin haka a shuɗaɗɗen lokaci. Dole a ce "tela ya ɗinka".

Sunan da yake ɓatar da mai koyo

Wanda aka gaya wa cewa "sun" na abin da ya wuce ne, "suna" kuma na yanzu, zai yi daidai a jimloli da yawa, sannan ya rikice ranar da ya ji an ce "jiya ina cin abinci sai aka ɗauke wuta". Cin abincin jiya ne aka yi shi, amma da "ina" aka faɗe shi, domin a daidai lokacin da wutar ta tafi ana cikin ci ne. Haka kuma mai gyaran mota zai ce "kafin ka dawo gobe mun gama". Goben ba ta zo ba, amma ya ce "mun", domin idan aka tsaya a lokacin dawowar aka duba, aikin ya riga ya kammala.

Ke nan lokacin agogo daga wasu kalmomi yake fitowa, irin su jiya, ɗazu, yanzu, gobe da bara, ko daga zancen da ya gabata. Idan babu ko ɗaya daga cikinsu, mai sauraro yakan ɗauka ana auna aikin ne da lokacin da ake maganar, shi ya sa "sun zo" ita kaɗai take ba da ma'anar abin da ya wuce. Manyan littattafan nahawun Hausa na zamani, kamar na Paul Newman da Jami'ar Yale ta buga a 2000 da na Philip Jaggar na 2001, duk a kan wannan fahimta suka bayyana tsarin. Sunayen "shuɗaɗɗe" da "mai ci" sun zauna a makarantu kuma da su ake jarrabawa, saboda haka ba a guje musu, amma ga baligi mai koyo ya fi sauƙi a ce masa ɗaya na aikin da "an gama" ne, ɗayan na aikin da "ana ciki".

Bambancin ba na aji kawai ba ne. Idan ma'aikaciyar jinya ta tambayi majiyyaci game da magani, "na sha magani" da "ina shan magani" amsoshi biyu ne daban. Ta farko tana nufin an sha an gama, ta biyu tana nufin har yanzu yana kan shan sa, kuma maganin da za a ƙara masa yana iya dogara da wannan. A tashar Kawo, "mota tana cika" na nufin a yi sauri akwai sauran wuri, "mota ta cika" kuwa na nufin a jira ta gaba.

Aikatau masu nuna hali

Akwai rukunin aikatau da suke zuwa da shuɗaɗɗen lokaci alhali ma'anarsu ta yanzu ce. Misalansu su ne "na sani", "na gane", "na gaji", "na ƙoshi", "na yarda", "ya isa", "ya yi tsada" da "wannan ya fi wancan". Dalilin shi ne Hausa tana kallon halin a matsayin sakamakon wani sauyi da ya riga ya kammala. Wanda ya ce "na gaji" ya riga ya shiga gajiya, kuma yana cikinta. Idan aka juya irin wannan aikatau zuwa lokaci mai ci, ma'anar takan koma ta abin da yake faruwa a hankali ko a kai a kai. "Ina gajiya da wuri" ba ta nufin mutum ya gaji yanzu, tana nufin haka jikinsa yake yi. "Ya warke" albishir ne, "yana warkewa" kuwa da sauran jinya.

Bai kamata a faɗa wa mai koyo cewa duk wani hali da shuɗaɗɗen lokaci ake faɗin sa ba, domin zai ji "ina jin yunwa" da "ina son shayi" da "ina tsoro". Yunwa da "ina", ƙoshi da "na". Gara a koya masa kowane aikatau da jimlarsa, kuma a nuna masa 'yan tagwayen da ma'anarsu take sauyawa. "Ina jin Hausa" iya harshe ne, "na ji" kuwa amsa ce ga abin da aka faɗa yanzu. "Na iya tuƙi" gwaninta ce da aka samu, "ina iya zuwa gobe" yiwuwa ce. "Ina son in zo" buri ne mai rai, amma "na so in zo" yawanci tana nuna an yi niyya abin bai yiwu ba.

Akwai kuma maganar da faɗinta shi ne aikata ta. Mai sayar da kaya da ya ce "na sayar" ya rufe ciniki da wannan kalma. Haka "na gode" da "na yafe", da "mun ba da" da "mun karɓa" da waliyyi da wakili suke faɗa a wurin ɗaurin aure. Duk da shuɗaɗɗen lokaci ake yin su, domin da fitar kalmar aikin ya kammala. Kusa da wannan akwai "na tafi", wadda mutum yake faɗa yana tsaye a bakin ƙofa bai ɗaga ƙafa ba. Kishiyarta ita ce "ina zuwa", wadda Bahaushe yake faɗa yana juya baya yana tafiya, ma'ana zai je ya dawo, kuma babu baƙon harshen da bai taɓa tsayawa yana mamakin ta ba.

Abin da yake bin lamiri

Bayan shuɗaɗɗen lokaci aikatau ne kawai yake zuwa. Bayan lokaci mai ci kuwa abubuwa iri-iri suna iya zuwa, kuma nan ne aikin mai koyo ya fi yawa.

Na farko shi ne suna ɗan aikatau. Ba a cewa "yana zo" ko "yana tafi". Sai "yana zuwa", "yana tafiya". Masana sun bi tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda ya kasa aikatan Hausa giredi bakwai, amma mai koyo ba ya bukatar haddace giredin kafin ya yi magana. Ya ishe shi ya san hali biyu. Wasu aikatau, irin su "dafa", "karanta", "rufe" da "kawo", suna ɗaukar "-wa" idan babu karɓau a bayansu, su yar da ita idan akwai: "tana dafawa", amma "tana dafa shinkafa", "yana rufewa", amma "yana rufe shago". Wasu kuma, irin su "ci", "sha", "saya" da "nema", suna komawa suna sosai, har su ɗauki "-n" ko "-r" ta haɗi kafin karɓau: "ya ci tuwo" amma "yana cin tuwo", "ta sayi shinkafa" amma "tana sayen shinkafa". Idan karɓau wakilin suna ne, bambancin ya fi fitowa: "ta saye ta" a shuɗaɗɗen lokaci, "tana sayenta" a lokaci mai ci, da irin wakilin sunan da ake mallaka da shi.

Na biyu shi ne sunan da shi kansa aiki ne, kamar aiki, magana, barci, wanka, sallah da kuka. Waɗannan suna bin lokaci mai ci kai tsaye: "yana barci", "suna magana". A shuɗaɗɗen lokaci dole a sa "yi" a tsakani, a ce "ya yi barci", "sun yi magana". Kuskuren "ya barci" daga nan yake fitowa, kuma gyaransa jimla ɗaya ce: idan an gama, a sa "yi".

Na uku shi ne wuri da mallaka da yanayin jiki: "tana gida", "suna Kawo", "yana da shago", "tana zaune". Babu aiki ko ɗaya a cikin waɗannan jimloli, abin da yake ƙara nuna cewa aikin "na" shi ne sanya mutum a cikin wani hali. Jimloli uku suna taimakawa a nan. "Ya zauna" na nufin ya kai jikinsa ƙasa, an gama. "Yana zaune" na nufin halin da yake ciki bayan haka. "Yana zama" kuwa tana iya nufin yana cikin saukowa kan kujera, ko kuma can ne yake zama a kullum. Haka "ƙofa ta buɗe", "ƙofa tana buɗe" da "ƙofa tana buɗewa".

Lokaci mai ci yana kuma ɗaukar ma'anar sana'a ko al'ada, kamar "tana koyarwa a makarantar firamare", ko da a ranar hutu aka faɗa. A nan yana kusantar lokaci sabau mai lamirin "kan", sai dai "takan koyar" ta fi nuna abin da ake yi lokaci-lokaci.

Siffa ta biyu: suka da suke

Kowane ɗaya daga lokutan nan biyu yana da jeri na biyu.

Shuɗaɗɗen lokaci na biyu: na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka.

Lokaci mai ci na biyu: nake, kake, kike, yake, take, muke, kuke, suke, ake.

Ma'anar "an gama" da "ana ciki" ba ta sauya ba. Ginin jimlar ne yake tilasta wannan jeri, a wurare uku. Na ɗaya, bayan kalmar tambaya da ta zo a farkon jimla: "Yaushe suka zo?", "Me kike dafawa?", "Ina kuke?". Na biyu, bayan "da" ko "wanda" mai bayyana suna: "yaran da suka zo", "matar da take sayar da ƙosai". Na uku, idan an ɗauko wani ɓangare na jimla an kai shi gaba don a ƙarfafa shi: "shinkafa muka saya", wato ba wake ba.

Wuri na uku ya fi wuyar kamawa, domin jimloli biyun duk daidai ne. "Jiya sun zo" labari ne kawai, ana sanar da zuwan. "Jiya suka zo" kuwa amsa ce ga wanda ya riga ya san sun zo, yana neman ranar, ko gyara ce ga wanda ya ce shekaranjiya ne. Mai haya da ya ce wa mai gida "na biya wakilinka" yana ba da labari. Idan ya ce "wakilinka na biya", da gajeren wasali, yana nuna wanda za a je a tambaya ne.

Shuɗaɗɗen lokaci na biyu yana da wani aiki da na mai ci ba shi da shi, wato jera aukuwa a cikin labari. Da zarar labari ya kama hanya, kowane mataki da "suka" ko "muka" yake zuwa: "suka fito, suka tsayar da mota, suka tafi". Wanda ya jera "sun fito, sun tsayar da mota, sun tafi" za a gane shi, amma maganarsa za ta yi kama da lissafin ayyukan da aka kammala, ba labarin da yake tafiya ba. A Hausar da ake yi tsakanin waɗanda ba harshen uwarsu ba ne, a bariki da kasuwannin gari, wannan jeri na biyu yana daga cikin abubuwan da suke yawan faɗuwa, tare da bambancin "ya" da "ta". Saboda haka mai koyo a Kaduna yana iya jin "wa sun zo?" a bakin wani, ya ɗauka daidai ne.

Gwajin jam'i

A rubuce, "ya zo" tana iya zama abu huɗu. Akwai yaa mai dogon wasali ta shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya. Akwai ya gajeriya mai karin sama ta na biyu. Akwai ya gajeriya mai karin ƙasa ta umurni ko buƙata, kamar a "ka ce masa ya zo". Akwai kuma yaa mai faɗuwar sauti ta lokaci na gaba na biyu, kamar a "ya zo in Allah ya so". Bahaushe yana bambanta su da kunne ba tare da ya yi tunani ba. Baligi mai koyo, wanda kunnensa bai saba da tsawon wasali ba, yana da wata hanya: ya mayar da jimlar jam'i. "Ya zo jiya" za ta koma "sun zo jiya". "Wa ya zo?" za ta koma "su wa suka zo?". "Ka ce masa ya zo" za ta koma "ka ce musu su zo". Ta huɗun kuma "sa zo". Jam'i yana fito da abin da rubutu ya ɓoye a tilo.

Saboda wannan dalili ya fi kyau a fara koyar da jerin da mu, ku, su da "a", inda mun da muka, sun da suka suke bambanta a ido da kunne, kafin a dawo kan na, ka, ya da ta. Yawancin masu koyarwa da "na" suke farawa saboda shi ne farkon jeri, alhali shi ne mafi ruɗani, tunda ga "na" ta "na zo", ga ta "ba na zuwa", ga kuma ta "tela na zuwa".

Korewa

Korewar shuɗaɗɗen lokaci tana da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya: ban zo ba, ba ka zo ba, ba ki zo ba, bai zo ba, ba ta zo ba, ba mu zo ba, ba ku zo ba, ba su zo ba, ba a zo ba. "Ba" ta farko gajeriya ce mai karin ƙasa. Korewar lokaci mai ci kuwa "ba" ɗaya gare ta, doguwa mai karin sama, kuma babu ta ƙarshe: ba na zuwa, ba ka zuwa, ba kya zuwa, ba ya zuwa, ba ta zuwa, ba ma zuwa, ba kwa zuwa, ba sa zuwa, ba a zuwa. Mutane da yawa suna cewa "ba ki zuwa", "ba mu zuwa", "ba ku zuwa" da "ba su zuwa", kuma ana jin duka biyun. A korewa bambancin jeri na ɗaya da na biyu ya ɓace: "sun zo" da "suka zo" duk "ba su zo ba" suke komawa, har a "yaran da ba su zo ba".

A wasu jimloli "ba" ta ƙarshe ce kaɗai take raba ma'ana biyu a rubuce. "Ba ta dafa shinkafa ba" magana ce a kan girki ɗaya da bai auku ba. "Ba ta dafa shinkafa" magana ce a kan halinta, wato ita ba mai dafa shinkafa ba ce. Allon da aka rubuta "ba a shiga" hani ne, "ba a shiga ba" kuwa labari ne cewa babu wanda ya shiga. Majiyyacin da ya ce "ban sha ba" yana iya nufin na yau ne ya tsallake, wanda ya ce "ba na sha" kuwa ya daina ko bai taɓa farawa ba. Mallaka tana da tata korewar dabam: "yana da kuɗi" tana komawa "ba shi da kuɗi", "ina da" kuma "ba ni da".

Misali a cikin labari

Ga ɗan gajeren labari irin wanda mai koyo a Unguwar Dosa zai iya bayarwa da bakinsa:

"Ranar Talata na tashi da wuri. Ina shirin fita sai maƙwabciyata ta aiko ɗanta. Ya ce babarsa ba ta da lafiya, kuma ba su sami mota ba. Muka fito bakin titi, muka tsayar da mai keke-napep, muka kai ta asibiti. Da muka isa, likita yana duba wani, muka jira. Yanzu ta warke, tana gida, amma har yanzu tana shan magani."

Jimlar farko tana buɗe labari, kuma gwajin jam'i yana ba da "mun tashi da wuri", saboda haka "na" ɗin doguwa ce. "Ina shirin fita" shimfiɗa ce: abin ya faru ranar Talata, amma ana cikinsa ne lokacin da wani abu ya katse shi. Abin da ya katse shi ya zo bayan "sai", kuma idan aka mayar da shi jam'i za a sami "sai maƙwabta suka aiko", wanda ya nuna "ta" ɗin gajeriya ce ta jeri na biyu. Haka "ya ce" ɗin da ta biyo baya, jam'inta "suka ce". A cikin maganar yaron akwai korewa iri biyu kusa da juna: "ba ta da lafiya" mai "ba" ɗaya, da "ba su sami mota ba" mai biyu.

"Muka" uku da suka biyo baya su ne ƙashin bayan labarin, kowace tana tura shi gaba mataki ɗaya. "Likita yana duba wani" ba mataki ba ne. Hali ne da suka tarar, shi ya sa ya koma lokaci mai ci. Da an ce "likita ya duba wani" da dogon wasali, ma'anar ita ce ya riga ya gama kafin su iso, kuma da babu dalilin jira. Jimlar ƙarshe ta fita daga labari ta dawo yau, sai jeri na ɗaya ya dawo: "ta warke" sakamako ne da ya tabbata, "tana gida" wuri ne, "tana shan magani" aiki ne da bai ƙare ba.

Hanyar gane ko mai koyo ya kama tsarin ita ce a sa shi ya sake ba da labarin da wasu mutane, misali a mayar da maƙwabciya maƙwabta, a mayar da "mu" zuwa "su". Idan ya ce "sai maƙwabta sun aiko", jeri na biyu ne bai zauna ba. Idan ya ce "ina shirya fita jiya, na fita" ba tare da wani abu ya katse ba, har yanzu yana fassara daga wani harshe ne.

Bambancin karin harshe

Jerin da aka kawo a sama na daidaitacciyar Hausa ne, wadda aka gina a kan Kananci, kuma shi aka fi ji a Kaduna da Zariya. A Hausar yamma, ta Sakkwato da maƙwabtanta har cikin Jamhuriyar Nijar, shuɗaɗɗen lokaci na biyu yana da "munka", "kunka", "sunka" da "anka". A tilo kuma baƙin farko na aikatau ne ake ninkawa, a ce "yaz zo", "tat tafi", "yac ce", saboda haka rikicin tsawon wasali bai taso ba. Lokaci mai ci na namiji "shina" ne a maimakon "yana", kuma lamirin jeri na biyu "ka" ne a maimakon "ke", kamar a "shika". Wannan yana nufin "abin da muka yi" a bakin Basakkwace tana iya zama daidai da "abin da muke yi" a bakin Bakano, domin abin da aka gama shi "munka yi" zai ce.